Taransufoma 200, 300 ko 500? Injin niƙana mai doki 100 ya hana ni yanke shawara

Mustafa Mai Dusa:
Assalamu alaikum, injiniyoyi da magabata. Ina kafa ƙaramin kamfanin abincin kaji a bayan gari, kan hanyar Zariya, layin 11kV ya bi ta gaban filin. Na ƙarasa ginin, injina sun iso, saura taransufoma. Mutum uku na tambaya, amsa uku na samu. Mai wayarin ɗina ya ce 200 kVA ta isa, mai sayar da taransufoma ya ce 300, wani abokina kuma ya rantse in ba 500 ba zan yi kuka. Ga abin da nake da shi: injin niƙa mai hama, motonsa 75 kW, wato doki 100. Injin dunƙula abinci 37 kW. Injin gaurayawa 15 kW. Ƙananan moto na ɗaga masara da tura ta, jimillarsu 11 kW. Sai fitilu da ofis da fanfon rijiya. Na haɗa duka bai kai 150 ba, to me zai kai ni 500? Kuɗin nan da gumi na tara shi, ku taimaka min da gaskiyar magana.

Auwalu Sola:
Wa alaikumus salam. Yallaɓai ka sa sitabilaiza babba kawai a gaban injin niƙan, duk matsalar lo-karan ta ƙare. Mun yi wa wani gidan burodi haka, har yau shiru.

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
Auwalu, ba lo-karan ya tambaya ba, mutum ko wutar bai ja ba tukuna. Alhaji Mustafa, shekarata ashirin da wani abu ina naɗa kwayil, kuma yawancin moton da ake kawo min a ƙone daga wuraren da aka yi rowar taransufoma suke fitowa. Moto in zai tashi yana jan wuta ninki shida zuwa bakwai na abin da yake ci in yana gudu. Naka mai doki 100 zai ja fiye da 600 kVA a wannan lokacin. Ka ɗora sauran lodin a kai, ka wuce 700. Ni a ganina ko 500 ɗin ma da ƙyar ce. Abokinka ya fi su gaskiya.

Mustafa Mai Dusa:
Inna lillahi. Malam, ai in haka ne sai dai in sayar da injin in sayi taransufoma.

Injiniya Bala:
Alhaji, kwantar da hankalinka. Malam Ɗanjuma ya faɗi gaskiya a kan ninki bakwai, amma inda ya kai lissafin ne ban yarda ba. Abu biyu ne aka cuɗa wuri ɗaya, bari mu raba su.

Na farko zafi. Taransufoma mai mai tana ɗaukar awanni kafin man da ke cikinta ya yi zafi sosai. Moto kuwa daƙiƙa goma ko ashirin yake yi yana jan wannan wutar mai yawa, sai ya sauko. Kamar ka ɗora babbar tukunya cike da ruwa ne ka ƙara mata wuta na ɗan ƙiftawar ido, ba za ta tafasa ba. Saboda haka ba a tara wutar tashi a kan lodi a ce sai an sayi taransufoma mai wannan girman. Lodin da za ta ɗauka wuni guda shi ke yanke maganar zafi.

Na biyu shi ne faɗuwar bolt a daidai lokacin tashin, kuma nan ne ciwon yake. Za mu zo kansa.

Mu fara da lissafinka na 150. Kai kW ka tara, ita kuwa taransufoma da kVA ake auna ta. Abin da aka rubuta a jikin moto ƙarfin da yake fitarwa ne a kan shaf, abin da yake ja daga waya ya fi haka. Motonka mai 75 kW zai ja wajen amfiya 130 a kan bolt 415, wato kusan 93 kVA. Mai 37 zai ja kamar 47, mai 15 kamar 20, ƙananan kamar 15, ofis da fanfo mu ba su 10. Jimilla 185 kVA in komai yana aiki a cike. To ka ga 200 ta riga ta cika har wuya tun ranar farko. Ana ƙera su ne da zaton zafin gari ba zai wuce digiri 40 ba, kuma ka san abin da watan Afrilu yake yi mana a nan. Ko babu maganar tashin moto, ni ba zan sa maka hannu a kan 200 ba.

Mustafa Mai Dusa:
Na gane wannan, Injiniya. Amma ai ba koyaushe duka suke aiki a cike ba. Injin gaurayawa yakan tsaya ana juye kaya.

Injiniya Bala:
Haka ne, kuma a babban kamfani mai injina hamsin muna rage wani abu saboda wannan. Amma kai moto biyu ne suka cinye 140 daga cikin 185, kuma su biyun tare suke aiki, ana niƙa ana dunƙulawa. Ragin da za ka samu bai taka kara ya karya ba.

Hajiya Rabi Kura:
Bari in sa baki, don abin da ake faɗa ya taɓa cin kuɗina. Ina da injin gyaran shinkafa, taransufomata 200 ce. Shekarar da na ƙaro babban moto mai doki 75, duk sanda yaro ya danna maɓallin tashi sai ka ga fitilun ɗakin sun yi ja kamar garwashi, sannan ka ji fanel yana ta ƙarar ta-ta-ta-ta kamar ana harbi. Injin casa da ke gudu sai ya mutu da shinkafa a cikinsa, sai an buɗe an kwashe da hannu. Na canza kwantakta uku cikin wata biyu, duk bakinsu ya ƙone ya manne. Mai gyara yana ta ce min kwantaktocin yanzu ne jabu. Taransufomar kuwa ko ɗumi ba ta yi, na taɓa jikinta da hannuna bayan an kashe wuta.

Injiniya Bala:
Hajiya, kin kawo mana ainihin hoton abin. Kwantaktocinki ba jabu ba ne. Kwantakta, makunnin da ke haɗa moto da wuta, maganaɗisu ne ke riƙe ta, an yi ta ta kama da kyau daga kashi 85 cikin ɗari na bolt ɗinta zuwa sama. In bolt ya zube ƙasa da kashi 75 tana iya saki. Da ta saki sai moto ya daina ja, bolt ya dawo, ta sake kamawa, moto ya sake ja, ta sake saki. Wannan ce ƙarar da kike ji, kuma kowane saki tartsatsi ne a bakinta.

Alhaji Mustafa, ga yadda ake ƙiyasta faɗuwar. A kan farantin da ke jikin kowace taransufoma akwai wata lamba da ake rubutawa `Z%` ko `Uk%`. Ita ke nuna yadda taransufomar ke tauye wuta in an ja da ƙarfi. A masu wannan girman yawanci 4 ce zuwa 5. Ka raba girman taransufomar da wannan lamba, ka samu ƙarfinta na taurin kai, in ji wani malaminmu, wato `Ssc`, sannan ka gwada shi da abin da moto zai ja a tashi, wato `S_tashi`:

```
Ssc = kVA / (Z% / 100)
faɗuwa = S_tashi / (S_tashi + Ssc)
```

Motonka amfiya 130 sau 7 ya ba da 910, wato kusan 650 kVA. A taransufoma 200 mai Z na 4, ƙarfin 5,000 ne, faɗuwar ta kama kashi 11 da rabi. A 300 ƙarfin 7,500 ne, faɗuwar kashi 8. A 500 ƙarfin 12,500 ne, faɗuwar kashi 5. Abin da muke so shi ne kada fanel ɗin da sauran injina ke kai ya faɗi fiye da kashi 10, shi kuma moton da ke tashi kada ya wuce kashi 15 a bakinsa.

Auwalu Sola:
To ai shi ke nan, 300 ta ci jarrabawa. Kashi 8 bai kai 10 ba.

Injiniya Bala:
Da a ce taransufomar ce kaɗai a hanya, da ta ci. Amma wannan lissafin ya ɗauka cewa layin 11kV ɗin dutse ne, ba ya motsi ko me aka ja. Layin da ya yi tafiyar kilomita goma sha wani abu a kan siririyar waya kafin ya iso bayan gari shi ma yana lanƙwasa. Ban san ƙarfin layin Alhaji ba, sai an tambayi masu raba wuta ko an auna. Mu ɗauka misali ƙarfinsa 20,000 kVA ne a wurin, wanda ba abin mamaki ba ne a ƙarshen dogon layi. In ka haɗa shi da taransufoma, 200 za ta ba ka faɗuwar kashi 14, 300 kusan kashi 11, 500 kusan kashi 8.

Ku lura da wani abu a nan. Daga 300 zuwa 500 kuɗi mai yawa ne, amma kashi 3 kacal ka saya da shi, domin raunin layin yana nan ko wace taransufoma ka rataya masa. Alhaji, nisan nawa ne daga inda za a kafa ta zuwa fanel?

Mustafa Mai Dusa:
Turakun suna bakin titi, ɗakin injin yana can ƙarshen fili. Mun auna da mai wayarin, mita 120 ne. Ya rubuta min kebul na alminiyom mai 185 guda ɗaya, a binne a ƙasa.

Injiniya Bala:
To ga ɓarawon da ba a gani. Amfiya 900 a kan wannan kebul mai tsawon mita 120 zai cinye maka kusan kashi 6. Ka ɗora a kan 11, kana kashi 17 da taransufoma 300, kashi 14 da 500. Kuma kada mai wayarin ya ce a ƙara kauri kawai. A lokacin tashin moto, fiye da rabin asarar da ke cikin kebul mai wannan kauri ba daga siririntarsa take zuwa ba, daga maganaɗisun da ke kewaye da wayar ne, shi kuwa kauri ba ya rage shi sosai. Abin da ke rage shi biyu ne: a ja kebul biyu gefe da gefe, asarar ta rabu biyu, ko a matso da taransufomar. In aka ƙara turaku aka shigo da 11kV cikin fili har nisan ya koma mita 40, kashi 6 ya koma 2. Sau da yawa turaku biyu ko uku sun fi kebul mai kauri na mita 80 araha, amma ka sa a yi maka farashin duka biyun, kuma masu raba wuta su amince da hanyar da layin zai bi.

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
Injiniya na karɓi gyara a kan tara lodi. Amma ina nan a kan bakata cewa ƙaramar taransufoma tana ƙona moto. Na sha buɗe moto in tarar kwayil ukun duka sun yi baƙi iri ɗaya, ba fes ɗaya ba, kuma mai shi ya ce a wurin tashi ya yi ta gurnani har ya yi hayaƙi.

Injiniya Bala:
Wannan kam babu musu, Malam, kuma dalilinsa ya kamata Alhaji ya riƙe. Ƙarfin murɗawar moto ba ya bin bolt kai da kai, yana bin bolt sau bolt ne. In bolt ya koma kashi 80, ƙarfin murɗawa ya koma kashi 64. Injin hama yana da nauyin juyi, ga tarin ƙarafa a jikin shaf. Moto mai rauni zai daɗe bai kai gudunsa ba, kuma duk tsawon wannan lokacin yana shan wutar tashi, fankar da ke sanyaya shi kuma ba ta gudu. Taransufoma tana jure daƙiƙa arba'in na wannan, kwayil ɗin moto ba lallai ya jure ba. In kuma yara sun bar masara a cikin injin suka kashe shi jiya, ba zai ma motsa ba.

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
To ai maganin a hannu yake, sita-delta, wato a tayar da moto a haɗin sita mai rage wuta, in ya ɗauki gudu taima ta juya shi zuwa haɗin delta. Kwantakta uku da taima ɗaya, kowane yaro a Sabon Gari zai haɗa maka, in ta lalace a gyara a ranar. Wutar tashi ta koma kashi ɗaya cikin uku, 910 ta zama 300. Alhaji, da wane fanel injin ya zo? Kuma buɗe akwatin wayar moton ka ƙirga mana ƙusoshin.

Mustafa Mai Dusa:
Na hannu na saya, Malam. Wanda ya sayar min a unguwar masana'antu yake, kan wata ƙatuwar taransufoma, kwantakta ɗaya ce babba a fanel ɗin, kai tsaye yake tayar da shi. Yanzu na sa yaro ya buɗe. Ƙusa shida ne, an haɗa su biyu-biyu da ƙananan farantan tagulla guda uku. A jikin farantin moton kuwa an rubuta `400/690 V` da `2960 rpm`.

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
Alhamdu lillahi, wannan zai karɓi sita-delta. Da `230/400 V` aka rubuta da babu hali, domin a wutarmu a sita yake gudu dama.

Hajiya Rabi Kura:
Malam, nawa fa sita-delta ne tun farko, kuma duk da haka abin da na faɗa ya faru. Ba ma a danna maɓallin ake jin ƙarar ba sosai, sai bayan ɗan lokaci, in fanel ya yi wannan ƙaf ɗin na biyu.

Injiniya Bala:
Hajiya, daƙiƙa nawa aka sa taimar?

Hajiya Rabi Kura:
Biyar na tarar. Daga baya wani dattijo da ya yi aiki a masaƙa ya zo da mitar nan mai baki kamar ƙaguwa, ya maƙala a waya, ya ce a tayar. Muna kallo lambar tana sama ba ta sauko ba taima ta juya. Ya mayar da ita goma sha huɗu, ya ce kuma a riƙa tayar da babban kafin a kunna sauran, kuma kada a tayar da shi da kaya a ciki. Ƙarar ta tafi. Fitila tana ɗan ƙiftawa har yanzu, amma ban sake sayen kwantakta ba.

Injiniya Bala:
Allah Ya saka wa dattijon nan. Wannan shi ne ramin sita-delta. Tana rage wuta zuwa kashi ɗaya cikin uku, amma tana rage ƙarfin murɗawa daidai haka. In aka juya zuwa delta moto bai kusa cikakken gudunsa ba, zai ja kusan abin da zai ja da kai tsaye aka tayar da shi, an yi ba a yi ba ke nan. Kuma ko ya kai gudu, a ɗan tsakanin sakin sita da kama delta akwai fizga ta ƙiftawar ido da kan yi tsanani.

Injin Alhaji mai gudun 2960 ne da hama masu nauyi, zai iya neman daƙiƙa ashirin ko fiye a sita. Zai yiwu, in injin babu kaya kuma an saita taima da mita a hannu, ba da ka ba. Amma ni da kuɗina ne sof-sitata zan sa, na'urar da ke ƙara wa moto bolt a hankali har ya tashi. Ana saita ta kada wuta ta wuce, misali, ninki uku da rabi, wato amfiya 455, kusan 330 kVA, kuma babu fizgar canji. A taransufoma 300 da wancan layin mai rauni faɗuwar ba ta kai kashi 6 ba, kebul na mita 40 ya ƙara kashi 1. Ka ga daga 17 mun dawo 7 ba tare da mun taɓa girman taransufoma ba.

Sai dai ita ma ba a matse ta da yawa. Rabin wutar tashi yana ba da rubu'in ƙarfin murɗawa ne kawai. Masu saita ta a ninki biyu don su burge mai gida, moto yakan tsaya yana gurnani har ta yanke da kanta.

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
Ranar da tsawa ta faɗa wa layin ko wuta ta dawo da hauka, sof-sitatar nan ta mutu, wa zai gyara? Katin ciki sai an aiko daga Legas. Ga ƙurar dusa da ke toshe mata iska. Ni na ga inda aka cire ta aka jefar a lungu aka dawo sita-delta bayan wata shida.

Injiniya Bala:
Ban ƙaryata ka ba, na ga irin haka. Tana son fanel mai rufi da iska mai tsabta, da kwantaktar da ke ɗauke mata lodi bayan moto ya tashi, da abin kare tsawa. In Alhaji ba zai iya ba ta wannan ba, taka ta fi masa. Abu ɗaya dai, in zai sa kafasito don gyara wuta, kada a ɗaura su tsakanin sof-sitata da moto, suna kashe ta.

Isuhu Maraɗi:
Ina biye da ku daga nan Maraɗi. Mu a wajenmu girman da aka saba gani 160 ne, 250, 400, 630. Ina da injin matsar man gyaɗa a kan 250. Tambayata ga Alhaji, ranar da babu wuta fa? Don ni abin da ya ba ni wahala janareto ne, ba taransufoma ba.

Mustafa Mai Dusa:
Ina da niyyar sayen janareto 250 kVA in an fara samun ciniki. Na ɗauka in ya ɗauki 185 shi ke nan.

Injiniya Bala:
Malam Isuhu ya taɓo inda ya fi ciwo. Janareto ya fi taransufoma laushi nesa ba kusa ba. Inda taransufoma ke da 4, shi nasa a lokacin fizga yana wajen 20. Janareto 250 ƙarfinsa kamar 1,250 ne kawai. Ka tayar da motonka kai tsaye a kansa, bolt zai zube da kashi ɗaya cikin uku, komai ya saki. Da sof-sitata ma kana wajen kashi 20, da ƙyar. Wato ko ka sayi 500, ranar da ka koma janareto dole ka lallashi moton nan. In janareto zai zama abincin yau da gobe, a nan ne `VFD`, na'urar sarrafa gudun moto, take shigowa, domin ita tana tayar da moto da abin da bai wuce ninki ɗaya da rabi ba. Tana da tsada, kuma tana ƙazanta wuta ta ƙara wa taransufoma ɗumi, amma wannan hira ce ta wata rana.

Hajiya Rabi Kura:
Ni dai Alhaji, duk da lissafin Injiniya, 500 zan ce ka saya in da hali. Babu wanda ya kafa injin ya tsaya a inda ya fara. Ni da na sa 200 cewa na yi har jikokina, shekara uku ta yi min kaɗan. Sannan ka shirya, ranar da aka ga taransufoma a ƙofarka maƙwabta za su zo da dattawa a roƙe ka layi, masallaci ma zai zo, kuma ba duka za ka iya hanawa ba.

Injiniya Bala:
Hajiya tana da hujja, amma a san farashinta. 185 a kan 300 kashi 62 ne, akwai sarari na ƙarin moto mai 37 da 'yan ƙanana. In layi na biyu cikakke Alhaji yake nufi, da wani injin niƙan, to 370 ta wuce 300, sai 500. Abin da babbar taransufoma ke ci shi ne, ƙarfen cikinta yana shan wuta muddin tana kan layi, ko injin ɗaya ba ya aiki. Ka nemi takardar gwajinta ka duba wannan asarar. In misali wat 900 ce, kuma mitarka a ɓangaren 11kV take, kusan yunit 22 ke nan kowace rana mai cikakkiyar wuta, har ranar Juma'a da ranar Salla. Sannan bireka da fanel dole su zama masu jure babban gajeren haɗi, domin 500 mai Z na 4 tana iya turo fiye da amfiya 17,000 in waya ta haɗu a kusa da ita, 300 kuwa wajen 10,000.

Auwalu Sola:
Akwai masu sayar da na hannu da aka sake naɗawa, 500 a kuɗin sabuwar 300. Ba sai a jefi tsuntsu biyu ba?

Malam Ɗanjuma Mai Kwayil:
Auwalu, wannan fagena ne, ka bar shi. Na ga tankin 500 da cikin 300, farantin ne kawai na 500. Na ga wadda aka cire tagulla aka mayar da alminiyom siriri. In an sake naɗi, lambar Z da ke kan farantin ma ba lallai ta zama gaskiya ba, duk lissafin Injiniya ya tashi a banza. In dole sai ta hannu, a gwada ta a gabanka, a auna rabon bolt a kowane fes, a gwada ƙarfin man, a yi gwajin gajeren haɗi a fitar da Z na gaskiya. Mai sayarwa da ya ƙi gwaji ya riga ya ba ka amsa.

Mustafa Mai Dusa:
Jama'a na dawo. Jiya na je gidan ƙanƙarar da ke kusa da mu, layinmu ɗaya, mai wurin ya bar mai wayarina ya auna a fanel ɗinsa. Da ƙarfe tara na safe 392 muka gani tsakanin fes da fes. Muka koma bayan Magariba, 371. Ya ce haka take kullum, wani lokacin har ƙasa.

Injiniya Bala:
Madalla da ka auna, wannan ya fi duk zatona amfani. Ba zai gaya mana komai ba, don ban san lodin da ke kan taransufomarsa ba ko inda aka ajiye tap ɗinta, amma ya nuna layin yana sauka da yamma. Motonka na 400 ne. In ka fara daga 371 ka cire kashi 17, kana 308, wato kashi 77, bakin ramin da Hajiya ta faɗa. In ka cire kashi 7 kana 345, kashi 86, kwantakta za ta riƙe. Taransufoma tana da tap mai matsayi biyar, kowane mataki kashi 2 da rabi, za a iya ɗaga maka bolt da shi. Ba a taɓa shi sai an raba ta da layi gaba ɗaya an tabbatar babu wuta. Kuma kada a kai shi ƙarshe don awon Magariba, sai an auna da tsakar dare lokacin da layin ya huta, kada bolt ya haura ya ƙona maka fitilu da katin sof-sitata. Ka koma gidan ƙanƙarar da mita mai riƙe lamba mafi ƙasa, a tayar da babban kwamfuresonsu kana kallo, ka kawo min girman moton, da girman taransufomarsu da Z ɗinta. Daga nan zan iya ƙiyasta ƙarfin layin da kansa maimakon 20,000 da na ɗauka.

Mustafa Mai Dusa:
In sha Allahu ranar Asabar. 200 dai na cire ta. Na ce wa mai wayarin ya kawo farashin turaku uku da kebul mita 40, da na kebul biyu mita 120. Tsakanin sita-delta da sof-sitata ina jiran farashi, ko da yake maganar janareto ta karkata ni. Maganar 300 da 500 kuwa sai na zauna da yayana, don shi ne ke da rabin jarin, kuma shi ne ke ta maganar injin abincin kifi baɗi.

Hajiya Rabi Kura:
Injin abincin kifi mai sa shi ya yi iyo a ruwa? Tambayi doki nawa ne motonsa kafin ka biya kuɗin komai. Wanda na gani a wajen wata ƙawata ya kusa kai naka na niƙa girma.